Malam ya ja mini jan bik a kan "abu", "da yawa" da "sosai". Me zan sa a madadinsu?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Ina makarantar horon malamai a nan Damagaram. An ba mu gajeren rubutu da Hausa a kan wata matsala ta unguwarmu, kada ya wuce kalma 200. Na zaɓi ruwa. Ga yadda na fara:

"Ruwa abu ne mai muhimmanci sosai a rayuwa. A unguwarmu ta Garin Malam muna fama da abubuwa da yawa saboda rashin ruwa. Mutane da yawa suna zuwa pampo da abubuwansu, suna daɗewa sosai. Wani lokaci abin yakan lalace. Abin da ya fi damuna shi ne yara suna makara lakwal. Idan ruwa ya zo yana da kyau sosai, kowa yana murna."

Yau Alhamis malam ya mayar mini da kaye. A cikin kalmomin nan 60 ya ja jan bik wuri 9: "abu" da danginsa 4, "da yawa" 2, "sosai" 3. A gefe ya rubuta "Wane abu? Nawa? Yaya?" kawai. Ranar Litinin zan mayar masa. Ku taimaka mini da kalmomin da zan sa. Kuma na lura bai ja "Abin da ya fi damuna" ba, ko mantuwa ya yi?

Ibro Zango: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan ai mai sauƙi ne, kalmominki ne suka yi ƙanana. Inda kika sa "abu" ki sa "lamari" ko "al'amari". "Da yawa" ki mayar da shi "ɗimbin" ko "bila adadin". "Sosai" kuma "matuƙa" ko "ƙwarai da gaske". Duba: "Ɗimbin jama'a suna tururuwa zuwa pampo, suna matuƙar daɗewa." Kin ji yadda ta yi nauyi? Haka nake yi tun ina lise, ba a taɓa mayar mini da takarda ba.

Sanusi: Allah ya saka miki da kika taɓo maganar ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, in ka haƙa rijiya dutse za ka tarar, shi ya sa tun daga Gogo da Arunguza ake jawo mana shi. Manya ma suna cewa ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da Turawa suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Ni a watan Afrilu na sayi bido guda dala 40 a hannun mai garuwa, gidana kuma bido 5 muke ci kullum. Jika guda ke nan a rana, ni da nake kabu-kabu! Sai yaushe za a duba mu?

Zara: Malam Sanusi, ba maganar ruwa take tambaya ba, gyaran rubutu take nema.

Mushe Lawali: Zara, ƙyale shi, bai san ya yi mana darasi ba. Hadiza, sake karanta abin da Sanusi ya rubuta. Bai ce ruwa ya yi tsada sosai ba. Ya faɗi wata, ya faɗi kuɗin bido, ya faɗi bido nawa, ya faɗi sana'arsa. Ni da nake Birni na ji nauyin jikar nan a aljihuna. Me ya sa nasa ya fito haka? Domin shi ya biya kuɗin da hannunsa. Ke kuwa kin zauna kina tuna "matsalar ruwa" a dunƙule, ba ki tuna safiya guda ba.

Ibro, ɗana, ka canza wa mutumin riga ne, amma shi ɗin ne dai. Malaminta ya tambaya "nawa?" In ta ce "ɗimbin", tambayar tana nan. Mutum 20 ɗimbi ne? 200 fa? "Bila adadin" ma ya fi muni, don ma'anarsa ba su ƙirguwa, alhali layin pampo yaro ɗan shekara 10 zai ƙirga shi. Amma "tururuwa" da ka sa ta yi, ita tana nuna yadda suke zuwa, in har haka suke zuwa.

Shekara 31 na yi ina gyaran kaye, abin da na gani shi ne wannan: kalmar da za ta maye gurbin "abu" ba a ƙamus take ba, tana wurin da abin ya faru. Don haka ni ba zan ba ki kalmomi ba tukuna, tambaya zan yi miki. "Abubuwa da yawa" waɗanne ne? "Abubuwansu" me da me suke ɗaukowa? "Abin yakan lalace", mene ne ya lalace, kuma wace irin lalacewa? "Yana da kyau sosai", ruwan ne mai kyau ko lokacin?

Game da "Abin da ya fi damuna", malaminki bai manta ba. Wannan "abin" ba ya ɓoye komai, domin a cikin jimlar kin faɗi ko mene ne: makarar yara. Gwaji mai sauƙi: ki tambayi jimlar "wane abu?" In amsar tana cikinta, bar shi. In sai an zo an tambaye ki, to shi ne na jan bik.

Hadiza: Na gode Baba. "Abubuwansu" galibi bido ne, irin rawayan nan na lita 25, wasu da bokiti, wasu suna turo kura. "Abin yakan lalace" kuwa, da kuka tambaya sai na tsaya. Gaskiya pampon ba ya lalacewa. Ruwan ne yake ɗaukewa ana cikin layi. "Yana da kyau" kuma murnar nake nufi, ba ruwan ba.

Mushe Lawali: To kin gani. Wannan ya wuce rashin daɗin karatu, jimlar ba gaskiya ta faɗa ba. Wanda ya karanta "abin yakan lalace" zai aiko mai gyara da sufana, alhali babu abin da zai gyara. "Lalace" kanta ƴar'uwar "abu" ce, tana rufe aikatau da dama. Hausa ba ta karya komai da kalma guda: bututu fashewa yake, kan pampo ɓallewa, igiyar guga tsinkewa, ƙafar kura karyewa, bido hujewa, ruwa kuma ɗaukewa. In kika zaɓi aikatau daidai, sau da dama ba kya buƙatar "sosai" ko kaɗan. Haka zuwan ruwan. Kwarara yake, ko tsiyaya, ko ɗiga? Uku ne daban-daban, kuma kowanne yana gaya wa mai karatu tsawon jiran da za a yi ba tare da kin ce "suna daɗewa sosai" ba.

Rabi Majo: Wallahi haka muke fama a wurin aiki. Uwa ta kawo yaro ta ce "yana zawo sosai". Ba zan iya rubuta wannan a karne ba. Sai na ce sau nawa tun jiya, ruwa-ruwa ne, da jini ko babu, yana shan nono? Wata "sosai" ɗinta sau 3 ne, wata sau 12, kuma ba kulawa ɗaya za a yi musu ba. Hadiza, ki ɗauka malaminki majo ne, rubutunki kuma mara lafiya.

Ibro Zango: Na yarda da maganar "bila adadin", Mushe. Amma in lamba ake so ai ba wuya. Ki rubuta "mutum 150 suna jira awa 5". Malam ba zai zo Garin Malam da asuba ya ƙirga ba.

Hadiza: Yaya Ibro, ni ma na yi wannan tunanin, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Mushe Lawali: Kada ki yi. "Da yawa" rauni ne, lambar ƙirƙira kuwa ƙarya ce, kuma gobe ke za ki tsaya gaban yara kina gyara nasu. In ba ki ƙirga ba, akwai hanya biyu ta gaskiya. Ko ki auna da abin da ido ya gani: "layin bido ya tashi daga bakin pampo har ya wuce ƙofar masallaci". Ba lamba a ciki, amma duk ɗan unguwa ya san tsawon. Lokaci ma haka, muna da asuba, sassafe, hantsi, walaha, azahar. "Daga asuba har hantsi" ta fi "suna daɗewa sosai" nesa ba kusa ba, kuma ba a nemi agogo ba. Ko kuma, tunda sai Litinin, ki tashi gobe ki bi mai ɗebo muku ruwa ki ƙirga. Bido za ki ƙirga, ba mutane ba, don mutum yakan ajiye bidonsa ya tafi salla, bido ne yake riƙe layi.

Hajiya Mariyama: Sannunku da aiki. Ni ban yi lakwal mai zurfi ba, yaƙi da jahilci na yi, amma ina da magana. Malam Lawali, ba kowane "abu" ne rashin sani ba. Yarinyar nan budurwa ce, malaminta namiji. Da ta ce "muna fama da abubuwa da yawa", ni mace na gane abin da take nufi. Gida in ba ruwa, akwai wahalar da mace take sha wadda ba a faɗi a gaban maza. Mu a gidanmu an koya mana sakaya zance. Kada a ce don gyaran rubutu sai ta cire mayafin kunya.

Hadiza: Hajiya kun faɗi abin da ke raina. Shi ya sa ban amsa wannan ɗin ba.

Mushe Lawali: Hajiya, Allah ya ƙara girma, gaskiyarku. Ban hango wannan ba, kuma ya kamata in hango. Sai dai ina ganin sakaya zance daban, ɓatar da shi daban. Da muka ce "bayan gida" ko "ban ɗaki" mun sakaya, amma kowa ya san inda ake nufi. "Tsarki" da "wanka" kalmomi ne da ake faɗi a gaban malamai a zaure. Tana iya cewa "mata sukan rasa ruwan tsarki", ba ta yi rashin kunya ba, kuma mai karatu ya fahimta. "Abubuwa da yawa" kuwa ku kun gane don kun sha wahalar, amma wanda ruwa ke zuwa gidansa kullum zai wuce bai ga komai ba, shi ne kuma ya fi buƙatar ya gani.

Hajiya Mariyama: Na ji, Malam. Amma faɗa a baki daban, rubutawa da sunanka a sama daban. Takarda ba ta mantuwa, za ta iya yawo hannu-hannu a cikin aji. Ni dai in jikata ce, zan ce ta bar shi.

Zara: Ni ina bayan Mushe. In mu mata ba mu rubuta ba, wa zai rubuta? Amma ita za ta tsaya gaban malamin, ba ni ba.

Hadiza: Barka da Juma'a. Na bi ƙanena yau da asuba, na ƙirga bido 47 a gabansa. Ga sabon:

"Tun ƙarfe 4 na asuba ƙanena yake tura kura da bido 4 zuwa pampon bakin masallaci. Ranar Juma'a na ƙirga bido 47 a gabansa, layi ya cika maƙil. Ruwan tsiyaya yake, bido guda sai ya ci minti 10. Wata rana ma yakan ɗauke. Abin da ya fi damuna shi ne yana isa lakwal wajen ƙarfe 9. Idan ruwa ya zo da ƙarfi kowa yana murna ƙwarai."

Mutari: Ni lissafi nake karanta a Jami'ar André Salifou, ban san harkar rubutu ba, amma akwai abin da bai hau ba. Bido 47, kowanne minti 10, minti 470 ke nan, kusan awa 8. In ya fara jira ƙarfe 4, sai wajen 12 na rana layi zai iso kansa. To ta yaya yake isa lakwal ƙarfe 9?

Hadiza: Innalillahi. Bidon na ƙirga da gaske, amma minti 10 ɗin kintata na yi. Kuma pampon kai 2 gare shi, ban faɗa ba.

Ibro Zango: Ka ga abin da nake gudu. Da ta bar "suna matuƙar daɗewa" da ba wanda zai kama ta.

Mushe Lawali: Haka ne Ibro, ba wanda zai kama ta, domin ba ta faɗi abin da za a kama ba. Mutari, madalla da kai. Hadiza, kada ki ji kunya, wannan shi ne kuɗin da ake biya: da zarar kin sa lamba 2 a sakin layi guda, mai karatu zai haɗa su. Saboda haka kafin ki miƙa, ki haɗa su da kanki. Kuma lambar da aka ƙirga da wadda aka kintata kada su zauna da fuska ɗaya. Ta kintace a sa mata "wajen" ko "kusan" a gaba, kamar yadda kika yi da "wajen ƙarfe 9".

Sauran gyara biyu. "Layi ya cika maƙil" ba ta zauna ba. Ɗaki yakan cika maƙil, kasuwar Dole ma ranar Alhamis takan cika maƙil, amma layi ba ya cika, tsawo yake yi. Irin waɗannan kalmomi, fat da ƙirin da wur da shar, kowace da abokin zamanta: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Sun fi "sosai" don ba sa bin kowa, amma wannan ne ma ya sa ba a ɗora su inda aka ga dama. A nan ma ba kya buƙatarta, 47 ta riga ta yi aikin.

Na biyu, jimlar ƙarshe. Kin cire "sosai" kin sa "ƙwarai", hanyar Ibro ke nan. Murnar nan, me kika gani? Wa ya yi me?

Hadiza: In ya zo da ƙarfi galibi da dare ne. Yara sukan fita suna buga ƙofofi suna cewa ruwa ya zo, ko ƙarfe nawa ne. Inna kuma ba ta kwanciya sai ta cika randa.

Mushe Lawali: Shi za ki rubuta. Kalmar "murna" ma ba sai kin sa ba.

Habsu: Ku yi haƙuri da katsalandan. Ni CM2 nake koyarwa, kuma da faransanci ma yarana "boku" da "shoz" ne suka cika musu kaye. Abin da ke damuna shi ne, Mushe, kun sa ta jefar da jimlar farko, "Ruwa abu ne mai muhimmanci". Mu an koya mana rubutu sai da gabatarwa. Ina tsoron malamin ya rage mata maki don ta faɗa cikin labari kai tsaye.

Mushe Lawali: Madam Habsu, ita ta jefar da kanta, amma da ta tambaye ni da na ce ta yi daidai. Na gwada gyara jimlar nan ta kowace fuska. In ka cire "abu" da "sosai", abin da ya rage shi ne ruwa yana da muhimmanci, kuma babu ɗan Damagaram da yake jiran a sanar da shi haka. Wani lokaci in ka tambayi jimla "wane abu?" sai ka tarar babu komai a ƙarƙashinta, to wannan ba gyara take so ba, cirewa. In malamin yana son gabatarwa, ta yi mai ɗauke da kaya, misali "A Garin Malam ruwa ne yake yanke wa yaro lokacin zuwa lakwal."

Habsu: Wannan ta yi daɗi, amma ba irin gabatarwar da masu gyaran jarrabawa suka saba gani ba ce. Ni dai ba zan hana yarana tasu ba sai sun wuce jarrabawa.

Hadiza: Yau Asabar na koma da agogon salula. Na auna bido 3: minti 6, minti 5 da rabi, minti 6 da rabi. Kuma na tambayi mai pampon, ya ce jiya ruwan bai fara zuwa ba sai wajen 5 da rabi. Ga shi yanzu:

"Tun asuba ƙanena yake tura kura da bido 4 zuwa pampon bakin masallaci. Ranar Juma'a na ƙirga bido 47 a gabansa. Pampon kai 2 ne, amma ruwan tsiyaya yake, bido guda sai ya ci minti 6. Wata rana ma yakan ɗauke kafin layi ya iso kansa. Abin da ya fi damuna shi ne ana shiga aji ƙarfe 8, shi kuwa sai wajen 9. Daren da ruwa ya zo da ƙarfi, yara sukan bi gida-gida suna cewa 'Ruwa ya zo!', Inna ta cika randa fal."

Malam Mutari, don Allah duba mini.

Mutari: Bido 47 a kai 2, kowanne minti 6, minti 141, wato awa 2 da minti 21. Daga 5 da rabi ya kai 8 saura minti 9. Nasa 4 a kai guda minti 24, ya zama 8 da kwata. Ya tura lita 100 zuwa gida, ya shirya, ya tafi. Wajen 9 ta hau daidai.

Sanusi: Yaron nan kilo 100 yake turawa kafin ya karya kumallo. Ki sa wannan ma, da maganar 1926.

Hadiza: Malam Sanusi, wuri ne babu. Sakin layin da yake kalma 60 yanzu ya zama 84, kuma dama rubutun ya cika 200 cif. Sai na cire 24 a wani wuri. Baba, ashe faɗin abu dalla-dalla yana cin wuri.

Mushe Lawali: Yana ci. Shi ya sa a gajeren rubutu ba a buɗe kowane ƙulli, a zaɓi guda a buɗe shi duka. Ke kin zaɓi safiyar ƙanenki, to duk abin da bai taɓa safiyar nan ba shi ne farkon fita, har da 1926, duk da gaskiya ce. Lita 100 kuwa tana cikin safiyar, in kin samu wuri ki sa ta kusa da "bido 4", don wanda bai san girman bidon ba. Turo mana sauran rubutun mu nemo 24 ɗin. Ina kyautata zaton akwai wata ƴar'uwar jimlarki ta farko a ƙarshensa.

Hadiza: Akwai, Baba: "A ƙarshe ya kamata a yi wani abu a kan wannan abin." Kalma 12 ce, malam ya ja ta ita ma. Maganar ruwan tsarki kuwa na rubuta ta da fensir a gefe, ban shigar ba tukuna. Zan nuna wa Inna yau da dare in ji me za ta ce.